Yana dukana, ina son kotu ta shiga tsakani: wace takarda zan nema?

Assalamu alaikum Barista. Shekarata tara da aure, yaranmu biyu, muna zaune a Kubwa. Maigidana yana dukana, kuma abin ƙaruwa yake yi. Makon jiya ya shaƙe ni har na ga duhu, ya ce in na sake kai ƙara wajen yayansa sai dai a ɗauki gawata. Iyaye sun yi sulhu sau uku. Na ji an ce kotu tana iya ba da oda ta hana shi taɓa ni. Ban san takardun da ake nema ba, ban san ta inda ake farawa ba, takardar aure ma ba ni da ita don a masallaci aka ɗaura. Kuma ban shirya rabuwa ba tukuna. Ku taimaka mini.

Maman yara biyu, Kubwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo miki mafita.

Kafin maganar takarda, ki riƙe wannan. Shaƙe wuya ba kamar mari ba ne. Masu aiki da matan da ake duka suna ɗaukarsa a matsayin alamar da ta fi kowace tayar da hankali, don hannun da ya kai wuya sau ɗaya yana iya wuce iyaka a karo na biyu. Saboda haka duk abin da za mu faɗa miki ki yi shi cikin sirri, kuma kada ki yi masa barazana da kotu. In ya sake tasowa cikin dare, ki fita da yaran zuwa maƙwabta, ki kira 112.

Odar da kika ji labari gaskiya ce. Tana cikin dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda ake kira dokar VAPP, daga sashe na 28 zuwa na 36. Da yake Kubwa cikin Birnin Tarayya take, dokar tana aiki a kanki kai tsaye, kuma kotun da ke da hurumi ita ce Babbar Kotun Birnin Tarayya. Hedikwatarta tana Maitama, tana da rassa a Kubwa da Bwari da Gwagwalada da Apo. A nan mata da yawa ke ɓata makonni: sai su nufi kotun yanki, wadda aka saba kai maganar aure da gado, alhali wannan oda ba daga can take fitowa ba. Masu karatu da ke Mararaba ko Suleja su lura, su ba Abuja suke ba a idon doka. Mararaba Nasarawa ce, Suleja Neja ce, kuma kowace jiha da tata dokar take aiki, kamar Kaduna da ta yi tata a 2018. Lambobin sassa da kotun da ake zuwa suna iya bambanta.

Odar kariya ba saki ba ce. Ba ta taɓa igiyar aure, ba ta kai shi kurkuku ranar da aka bayar. Umarni ne cewa kada ya yi kaza da kaza, in ya yi a kama shi. Rashin takardar aure kuma ba ya hana ki komai. Dokar tana kare duk wanda ake zalunta a cikin gida, kuma faɗin ranar da aka ɗaura auren da wurin da aka ɗaura cikin takardar rantsuwa ya isa. Haka nan dokar ta ce babu wa'adin da in ya wuce ba za a saurare ki ba. Sai dai jinkiri yana cin shaida, don tabo yana warkewa kuma mutane suna mantuwa.

Ki fara da asibiti, yau ko gobe. Ko da alamar wuyan ta fara bajewa, ki je, zai fi kyau asibitin gwamnati, don rahotonsu ba ya shan musu sosai a kotu. Abin da ya fi lalata wannan mataki shi ne kunya. Mace za ta ce wa likita ta faɗi a banɗaki, a rubuta hakan a kati, bayan wata biyu lauyan miji ya ɗaga katin ya karanta wa alƙali. Ki faɗi gaskiya: mijina ne ya shaƙe ni, rana kaza. Ki gaya masa in haɗiye abinci yana yi miki ciwo, in muryarki ta dashe, in kin suma ko fitsari ya kufce miki a lokacin, don ciwon shaƙa yana ɓuya a ciki. Ki roƙi a rubuta miki rahoto mai sa hannun likita da hatimin asibiti da kwanan wata. Ki riƙe lambar kati, da takardar magani, da rasit. Rasit ɗin zai yi amfani in an zo neman ya biya kuɗin magani.

Daga nan sai ƙorafi a hukumance. Kina da ƙofa biyu. Ta farko caji ofis ɗin yankinku, ki nemi teburin da ke kula da mata da yara. Ta biyu NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, wadda sashe na 44 ya ɗora wa alhakin aiwatar da dokar, hedikwatarta tana Wuse shiyya ta 5. A ra'ayinmu, ga macen da ke cikin irin halin da kike ciki, NAPTIP ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA sun fi dacewa da a fara da su, saboda sun saba da wannan oda kuma suna iya haɗa ki da wurin fakewa. A caji ofis akan samu wanda zai ce wannan maganar iyali ce, ku je gida ku shirya. Kada ki yi gardama da shi. Ki nemi ganin baturen 'yan sanda, ki nace a shigar da ƙorafinki cikin littafi, ki rubuta sunan jami'in da ranar. Sashe na 32 ya wajabta wa ɗan sanda ya taimaka miki wajen shigar da ƙorafi, ya samar miki hanyar zuwa asibiti ko wurin da za ki tsira, ya raka ki ki kwaso kayanki. Ki sani kuma, ba sharaɗi ba ne sai an kama shi ko an gurfanar da shi kafin ki nemi odar. Shari'ar laifi daban, neman kariya daban.

Sauran takardun tarawa ne kawai: katin shaidarki, ƙananan hotuna na fasfo guda biyu zuwa huɗu, takardun haihuwar yaran, da cikakken adireshin gidanku da na wurin aikinsa ko shagonsa. In akwai takardar da aka rubuta a wani zaman sulhu, ko alkawarin da ya sa wa hannu a gaban mai unguwa ko liman, wannan babbar shaida ce, don ta nuna ya taɓa amsa laifin. Ki yi hoton komai kwafi uku, ki ajiye a gidan wadda kika yarda da ita. Kada ki ɓoye su a ƙasan katifa.

Hotunan rauni da saƙonnin waya suna da tasu ƙa'idar. Ki ɗauki hoto biyu na kowane rauni, ɗaya da ya nuna fuskarki tare da raunin, ɗaya na kusa. Ki tura wa mutum ɗaya amintacce. Saƙon barazana kuwa, hotonsa ya nuna lambar da ta aiko da kwanan wata, kuma kada ki goge na asali in dai wayar ba ta faɗawa hannunsa. Sashe na 84 na dokar shaida ya ce duk abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta sai an haɗa shi da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka ciro shi. Shafi ɗaya ne, lauya zai rubuta, amma in babu shi lauyan ɗaya ɓangaren zai nemi a yi watsi da hotunan gaba ɗaya.

Yanzu ga takardar da komai ya rataya a kanta, wato takardar rantsuwa, wadda ake kira afidabit. A zaman farko alƙali bai san ki ba, bai ga mijinki ba. Abin da ke gabansa kawai wannan takarda ce, kuma daga ita zai yanke ko akwai haɗarin da ya kai a ba da oda nan take. Mafi yawan buƙatun da ke faɗuwa, a nan suke faɗuwa, ba don ƙarya aka yi ba, sai don an rubuta baƙin ciki maimakon abin da ya faru.

Ga misali. Wata ta rubuta: mijina azzalumi ne, kullum yana dukana, ba ya tsoron Allah. Duk gaskiya ne a wurinta, amma alƙali ba shi da abin kamawa. Kwatanta da wannan: ranar Talata 4 ga wata, wajen ƙarfe goma na dare, a falon gidanmu, ya kama wuyana da hannu biyu ya danna ni jikin bango har numfashina ya ɗauke. Ɗanmu mai shekara bakwai yana wurin. Maƙwabciyarmu ta ji ihu ta buga ƙofa, sannan ya sake ni. Washegari na je asibiti, ga rahoton a haɗe. Wannan sakin layi ɗaya ya ba da rana, da wuri, da abin da aka yi, da shaida, da takarda. Haka za ki yi wa kowane karo. Ba sai kin kawo na shekara tara duka ba. Ki zaɓi uku ko huɗu: na farko da kike iya tunawa da kyau, wanda ya fi muni, da na ƙarshe, sannan ki nuna yadda tazarar da ke tsakaninsu take raguwa. Barazanar da ya yi miki ki kawo ta da kalmominsa, kada ki gyara. In yana da bindiga, adda ko wuƙar da ya taɓa zarowa, ki faɗa, ki faɗi inda yake ajiyewa. Zaman sulhun da aka yi su ma su shiga, da waɗanda suka halarta da abin da ya biyo baya, domin su ne amsar tambayar da za a yi miki: me ya sa ba a gwada gyara a gida ba?

Abu uku ke ɓata afidabit. Na farko ƙari. In mari ne ki ce mari. Ƙarya da gangan a takardar rantsuwa laifi ce da ke da hukuncinta, kuma ƙari ɗaya da aka kama yana sa a yi shakkar sauran. Na biyu, jita-jita. In wani ne ya gaya miki abu, sai ki faɗi sunansa da lokacin da wurin da ya gaya miki, ko kuma shi ya yi tasa rantsuwar, don dokar ta yarda waɗanda suka san lamarin su haɗa nasu afidabit. Maƙwabciya ɗaya da ta ji da kunnenta ta fi dangi biyar da aka ba labari. Na uku, harshe. Da Turanci ake rubutawa. In ba ki karanta shi sosai, dole a karanta miki a fassara da Hausa, a rubuta a ƙasa cewa an yi hakan, mai fassarar ya sa hannu. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kan abin da ba ki ji da kunnenki ba. Rantsuwar kanta a gaban kwamishinan rantsuwa ake yi a ofishin rajistaran kotu, kuma da kanki za ki je.

Tare da afidabit akwai takardar buƙata, inda ake jera abin da kike so kotu ta yi. Kotu ba ta cika ba da abin da ba a roƙa ba, don haka ki zauna da lauya ki yi tunani a nan. Sashe na 31 ya ba ta iko ta hana shi dukanki ko tsoratar da ke, ta hana shi turo wani ya yi, ta hana shi zuwa inda kike zaune ko wurin aikinki. Tana iya hana shi korarki daga gidan, ko hana shi shiga wani sashe na gidan, ko gidan gaba ɗaya in hakan ne maslaharki. Tana iya sa a karɓe makami, ta sa ɗan sanda ya raka ki ɗaukar kaya, ta umarce shi ya samar miki wani matsuguni, ta yanka masa kuɗin gaggawa. Game da yara, tana iya tsara yadda zai gan su ko ta dakatar da hakan. Mata da yawa suna manta kuɗi da yara, sai oda ta fito, shi kuma ya rufe bakin aljihu ko ya je makaranta ya kwashe yaran. Ki kawo lissafi a rubuce: haya, abinci na wata, kuɗin makaranta, magani. In za ki koma wani wuri da bai sani ba, ki roƙi kada a sa adireshin a jikin odar, doka ta yarda.

Za ki iya shigar da buƙatar da kanki, akwai ma samfurin fom a ƙarshen dokar, amma ba mu ba ki shawarar haka ba. Babbar kotu tana da tsarin takardu da ke wahalar da wanda bai saba ba. FIDA, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA suna taimaka wa matan da ba su da kuɗin lauya. In fita tana yi miki wuya, wani yana iya shigarwa a madadinki, kamar ɗan sanda, ma'aikacin jinya ko jami'in jin daɗin jama'a, amma sai da yardarki a rubuce. Duk kuɗin da aka ce ki biya a kotu, ki karɓi rasit. Ki kuma tambayi lauyan ko ya haɗa da takardar da ke nuna gaggawa, don ita ke sa fayil ya isa gaban alƙali da wuri maimakon ya bi layi.

Zaman farko ba a gayyatar miji. In alƙali ya gamsu cewa akwai alamar an yi zalunci ko ana gab da yi, sashe na 29 ya ce ya ba da odar wucin gadi ko da ba a sanar da wanda ake ƙara ba. Sai a sa ranar dawowa, wadda ba za ta gaza kwana 5 bayan an miƙa masa takardu ba. In alƙali bai ba da ta wucin gadi ba, ƙarar ba ta mutu ba, za a aika masa sammaci ya zo ya yi bayani.

Miƙa takardun nan shi ne wuri na biyu da abubuwa ke lalacewa. Ma'aikacin kotu ne ke kai masa, ba ke ba, ba ƙaninki ba. In bai same shi ba, babu shaidar an miƙa, kuma alƙali ba zai ci gaba ba, sai ɗage zama bayan ɗage zama. Shi ya sa muka ce ki tanadi adireshin wurin aikinsa. Ki ba da hotonsa, da lokacin da ake samunsa, da wani namiji daga danginki da zai nuna shi daga nesa. In yana ɓuya, lauya zai nemi izinin kotu a liƙa a ƙofarsa ko a bi wata hanyar. Bayan an kai, ki tabbatar shaidar miƙawar ta shiga fayil kafin ranar zama.

Ki kuma sani cewa abin da za a miƙa masa ya haɗa da kwafin afidabit ɗinki. Zai karanta duk abin da kika faɗa. Ranar nan ita ce mafi haɗari a tafiyar gaba ɗaya, kuma bai kamata ta same ki a gidan ba. Ki shirya da lauya ki san ranar, ki kasance ke da yaran kuna gidan iyayenki, ko gidan wanda yake jin nauyinsa, ko mafakar da hukuma ta samar. Fitar da kika yi don tsira da rai a rubuta dalilinta a afidabit, saboda kada gobe a ce yaji kika yi.

Ranar dawowa, in bai zo ba kuma an tabbatar an miƙa masa, kotu za ta iya ba da cikakkiyar oda. In ya zo ya musanta, za a saurari kowa, kuma ma'aunin shi ne wane ɓangare ne maganarsa ta fi rinjaye, ba irin tsananin hujjar da ake nema a shari'ar laifi ba. In ba shi da lauya, kina iya roƙon kada ya yi miki tambayoyi kai tsaye, ya faɗa wa kotu ita ta tambaye ki. Ki roƙa tun kafin a fara. Ki zo da asalin takardunki, da wayar, da mai ba ki shaida. In ke ce ba ki zo ba, ana iya korar ƙarar, kuma matsin lambar dangi a daidai wannan makon yake tsananta.

Idan oda ta fito, kada ki bar kotu da hannu biyu. Sashe na 33 ya ce duk lokacin da aka ba da odar kariya, a haɗa da warantin kama shi, wanda ake jingine shi muddin yana bin umarni. Rajistara zai ba ki kwafin odar mai hatimi da warantin, ya kuma aika kwafi zuwa caji ofis ɗin da kika zaɓa. Ki zaɓi wanda ya fi kusa da inda za ki kwana, ba inda yake da abokai ba, ki je da kanki ki tabbatar ya isa. In ya karya sharaɗi, ko da zuwa ƙofar gida ne ko aiko da saƙon tsoratarwa, za ki yi gajeriyar rantsuwa kan abin da ya yi, ki miƙa ta tare da warantin ga ɗan sanda. In akwai alamar cutarwa na tafe, kama shi zai yi nan take, in babu sai ya ba shi takardar gurfana a kotu. Hukuncin karya odar tara ce da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. In warantin ya ɓace ko an riga an yi amfani da shi, rantsuwa za ki yi a ba ki wani. Karyawar farko ita ce gwaji. In kika bar ta ta wuce don an ba ki haƙuri, ya gane takarda ce kawai. Kuma odar tana aiki a duk faɗin Najeriya, ko da kin koma gida Zariya ko Katsina.

Tunda kina son auren ya rayu, ga yadda za ki bar ƙofa a buɗe ba tare da kin zubar da kariyar ba. Dokar ta yarda kotu ta amince da hanyar sulhu in ke kika gabatar da ita, don haka iyaye da malamai suna da wurin zama, amma a ƙarƙashin oda. In an shirya kin koma, kada ki nemi a soke ta. Ki nemi a sassauta: a cire sharaɗin nisanta, a bar na hana duka da barazana. Sauyi ko sokewa sai an rubuta wa kotu, ba a yi da baki a zauren gida. In kuma daga baya kika ga zaman ba zai yiwu ba, wannan maganar kotun yanki ce, kuma a mazhabar Malikiyya matar da ta tabbatar da cutarwa alƙali yana iya raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Rahoton likitan da odar da kike tarawa yanzu su ne za ki ɗauka zuwa can.